Taɓi huɗu aka busa mana, alhali na farkon bulok ne

Sani Dogo: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin dokar ƙwallon raga ku raba mana gardama, tun jiya da yamma abin nan yake cina. Mun je wasan sada zumunta wani ƙauye nan gefen Ringim, mutum shida shida, set na uku muna 23 suna 23. Suka kawo simash, ƙanena Mudi ya tashi bulok a tsakiya, ƙwallon ta daki saman raga ta rage gudu sannan ta taɓa hannunsa ta yi baya, Lawan ya ɗago ta, seta ya ɗora min, na buga ta faɗi cikin filinsu tsaf. Kawai sai usur, rafali ya ɗaga yatsu huɗu wai mun yi taɓi huɗu. To ni tunda na fara boli abin da na sani bulok ba a lissafa shi, bayan bulok kuna da uku cif. Aka ba su makin, suka yi sabis suka ƙarasa mu 25 da 23. Yaran nan kuɗin man babur ma karo-karo muka yi, sun dawo kowa ransa a ɓace.

Nura Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Sani ni fa ina ganin rafali ya yi daidai. Kwanaki a gidan kallo na ga wasan da ake yi a kan yashi, da idona na gani in suka yi bulok sau biyu kawai suke ƙarawa su tura. Kuma filin can da kuka je ai yashi ne zalla, ƙafa har nutsewa take.

Sani Dogo: Haba Nura, to duk Jigawa ina ne ba yashi? In haka ne ai mu duka dokar bakin teku za mu bi kenan

Malam Habu: Nura abin da ka gani gaskiya ne amma wani wasan ne daban. Wancan na bakin teku ne, mutum biyu biyu, filinsu mita 16 da 8, set ɗinsu 21 yake ƙarewa. A can lallai bulok yana cikin ukun, in ka tare ta taɓa ka saura biyu. Namu na mutum shida, fili mita 18 da 9, bulok ba ya cikin lissafi ko a siminti kuke ko a yashi ko a fako. Yawan mutane da irin wasan ne yake nuna dokar da ake bi, ba ƙasar da aka taka ba. To Sani ta nan kana da gaskiya. Sai dai kafin in ce an zalunce ku ina da tambaya guda. Lokacin da ƙwallon ta taɓa Mudi, yana sama ne ko ya riga ya fara saukowa?

Sani Dogo: Malam ya tashi dai, kowa ya ga ya tashi da hannu biyu a sama

Malam Habu: Na yarda ya tashi. Ina nufin daidai lokacin da ta taɓa shi.

Mudi: Malam gaskiya na riga shi tashi, ya ɗan jinkirta bugun, kuma da ta daki farin ƙyallen nan na sama sai ta tsaya kamar tana tunani sannan ta gangaro. Ina saukowa ta same ni a nan tsintsiyar hannu. Amma hannuna a miƙe yake ban sauke ba

Isiyaku: Salamu alaikum. Ni ne na busa wasan, wani ya turo min cewa ana maganata a nan shi ya sa na shigo. Yaya Sani wallahi ba ni da wata manufa, garinku garin kakannina ne. Ina tsaye kan tebur dab da turken raga, saman ragar yana daidai idona. Yaron ya tashi da wuri, ƙwallo ta maƙale a ƙyalle, kafin ta faɗo ƙafarsa ta kusa taɓa ƙasa, yatsunsa duk suna ƙasa da saman raga. Shi ya sa na lissafa shi taɓi na ɗaya. Lawan biyu, seta uku, kai huɗu.

Malam Habu: To in dai yadda Isiyaku ya faɗa haka abin ya faru, hukuncinsa daidai ne, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Mu a fili duk wanda ya yi tsalle a gaban raga da hannu sama sai mu ce ya yi bulok. A littafin dokar FIVB, wato hukumar ƙwallon raga ta duniya, babi na 14, ba tsallen ake dubawa ba kuma ba niyyar mutum ba. Ana duba ko ɗan gaba ne, ko yana kusa da raga, ko ƙwallon daga abokan hamayya take zuwa, sannan babban sharaɗin, a daidai lokacin da ta taɓa shi wani sashe na jikinsa ya ɗara saman raga tsawo. In wannan na ƙarshen ya faɗi to sunan abin ya tashi daga bulok ya koma taɓin farko kamar na kowa.

Ku lura da wani abu, ba a ce sai ƙwallon ta taɓa wurin da ya ɗara ragar ba. Misali Mudi yana can sama yatsunsa sun wuce raga, ƙwallo ta zurara tsakanin hannayensa ta daki goshinsa ko ƙirjinsa wanda yake ƙasa da saman raga, wannan bulok ne cikakke, kuna da uku a gaba. Amma in ya sauko babu komai nasa a sama, ko da hannunsa a miƙe yake kamar mai kiran ruwa, taɓi ne. Tsakanin biyun nan ko daƙiƙa ɗaya babu, shi ya sa wanda yake ƙasa a bayan fili ba ya iya bambancewa, sai wanda idonsa yake saitin saman raga.

Sani Dogo: Malam ni fa har yanzu ban gamsu cewa yatsunsa sun sauka ba. Mudi dogo ne, ya fi ni. Kuma ragar nan tasu ta lotsa a tsakiya, igiyar rijiya aka ɗaure ta da ita, na rantse ba ta kai yadda ya kamata ba. In Mudi ya tsaya a ƙasa ya miƙe hannu kaɗan ya rage ya kamo samanta

Isiyaku: Maganar lotsawa gaskiya ne, ta ɗan sauka bayan set na biyu. Amma kaɗan ya rage ai bai kai ba kenan yaya

Malam Habu: Wannan kam ba zan iya raba muku ba tunda ba na wurin. Abin da zan ce, ta maza mita 2.43 ce kuma a tsakiya ake aunawa, ta mata 2.24. Rafali kuwa da ragar da ke gabansa yake hukunci. Ku samu gora ku yanke ta daidai awon, duk ƙarshen set a dafa a gani, in ta sauka a ja igiya. Mu haka muke yi a makaranta.

Auwalu Tela: Ni abin da ban gane ba, in da shi Mudin ne ya sake ɗago ƙwallon da kansa bayan ta taɓa shi fa? Don na sha gani mutum ya yi bulok ta faɗo gabansa ya sake ɗagowa ba a busa ba

Malam Habu: Yauwa Auwalu, wannan ma a kan sharaɗin nan yake rataye. In bulok ne na gaske, kowa yana iya yin taɓin farko har da shi wanda ya tare, ba a ce ya taɓa sau biyu ba. Har a na bakin teku an yarda mai bulok ya sake taɓawa, sai dai a can ya cinye biyu kenan saura ɗaya. Amma a irin na jiya, in an ɗauka ya riga ya sauko, ta taɓa shi, sannan ya sake kai hannu ya ɗago, to laifin taɓi biyu ne tun kafin a je maganar huɗu.

Shawarar da nake ba yarana ita ce duk ƙwallon da ta daki ƙyalle ta gangaro kan mai bulok yana saukowa, a ɗauka an ci ɗaya. Shi da kansa ya ɗaga murya ya ce ɗaya. Na biyu ya ɗora ta sama kusa da raga, na uku ya buga. Da Lawan ya ɗago ta sama sosai Sani ya buga kai tsaye ba tare da an bi ta wurin seta ba, da babu wannan zancen. Ko da rafali zai ɗauke ta a bulok ba ku yi asarar komai ba illa taɓi guda da ba ku yi amfani da shi ba.

Baba Garba: Sannunku yara. Mu da muka yi wasan nan a makarantar horon malamai, manyanmu da suka koya mana suna ba mu labari a zamaninsu bulok yana cikin ukun, sai cikin shekarun 1970 aka cire shi. Don haka in kun ji wani dattijo ya dage cewa ana lissafawa kada ku yi masa dariya, abin da ya taras ne. Sani ka yi haƙuri, Isiyaku ɗan uwanka ne.

Sani Dogo: Baba Allah ya ƙara girma, ba faɗa muke ba, so nake in fahimta

Auwalu Tela: To tunda ana maganar busa, ni ma ina da tawa. Sati biyu da suka wuce na tashi bulok, ban ma taɓa ƙwallon ba, ina saukowa cikina ya ɗan shafi ragar ta ƙasa, aka busa min. Ni kuma a sanina farin ƙyallen sama ne kaɗai haramun, jikin raga babu laifi in ba ka ja ta ba. Wani da ya yi wasa a Kano ne ya faɗa min kuma ba mutumin banza ba ne

Nura Mai Shayi: Kai Auwalu raga ko da farce ka taɓa laifi ne, ko ina, ko yaushe. Wannan ko yaro ya sani

Malam Habu: Ku duka biyun kowa ya kamo wani gefe. Auwalu mutumin bai yi maka ƙarya ba, an yi wasu shekaru daga wajen 2009 ana bin wannan dokar, taɓa ƙyallen sama lokacin wasa da ƙwallo shi ne laifi, ƙasan raga kuwa sai in ka hana abokin hamayya wasa. Ta jawo gardama da yawa, 2015 aka sauya. Yanzu duk inda ka taɓa a raga tsakanin eriya biyun nan, wato siraran sandunan da ake ɗaurawa a gefen raga saitin layi, sama ko ƙasa, muddin kana cikin aikin wasa da ƙwallo, laifi ne. Kuma aikin ba ya ƙarewa da bugu. Ya haɗa tashinka, bugun ko yunƙurin bugun, har saukarka ka tsaya da ƙafarka daram. To kai ka tashi tarewa, ko ba ka same ta ba yunƙuri ne, kana saukowa ka shafa, busar tana kan hanya.

Kai kuma Nura ko yaushe ɗin nan naka ne ya yi yawa. Ɗauka ƙwallo tana can bayan fili wajen lamba 1 ana ƙoƙarin ɗago ta, wani yana nan gaba a lamba 4 ba ruwansa da ita, ya juya kafaɗarsa ta shafi raga bai dame kowa ba, ba a busa wannan. Haka in ka taɓa turke ko igiya ko ragar da ke wajen eriya ba tare da ka shafi wasan ba. Amma in ka riƙe raga, ko ka jingina da ita don kada ka faɗi, ko ka yi amfani da ita ka hana na can wasa, wannan laifi ne.

Auwalu Tela: To Malam ai ni da na shafa ƙwallon ta riga ta wuce ni

Malam Habu: Ta wuce ka ko ta faɗi ƙasa? Don akwai bambanci. In ta riga ta daki ƙasa wasa ya mutu, abin da ka taɓa bayan nan ba komai ba ne. In tana sama ana kan bugawa kai kuma ba ka gama sauka ba, laifinka ne.

Auwalu Tela: Tana sama gaskiya, sun ɗago ta. Shikenan na karɓa

Isiyaku: Malam ka ƙara musu da na ƙwallon da ke tura raga, don shi ne yake fi jawo min surutu. Mutum zai buga simash da ƙarfi ta shige cikin raga, ragar ta bankaɗo ta daki fuskar mai bulok ko hannunsa, sai 'yan kallo su hau ihu ya taɓa ya taɓa. Alhali ragar ce ta zo ta same shi, ƙwallo ce ta turo ta, babu laifi a kansa. Kuma irin ragarmu ta ƙauye da ba ta da igiyar ƙasa mai ƙarfi, ko iska ta kaɗa sai ta yi ciki kamar zani a kan shanya, dole mutum ya duba waye ya je wurin wani.

Malam Habu: Ka riga ka faɗe shi daidai, babu ƙari.

Malama Binta: Assalamu alaikum, na daɗe ina karantawa. Ni 'yan mata nake koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma maganar Malam ta sa na gane wani abu da muke yi ba daidai ba. Yarana yawancinsu ko sun yi tsalle ba sa kai saman raga, amma suna tsayawa gaba su ɗaga hannu, in ta taɓa su sai mu ce bulok ne mu ƙara uku. Kenan duk wannan huɗu muke yi?

Malam Habu: Malama a doka kam huɗu ne. A gida in kun yarda a tsakaninku don yara su saba babu wanda zai hana, ko ki sauke musu ragar yadda za su kai. Amma ranar da kika kai su gasa a Dutse ko wani wuri za a busa musu, kuma yaro in ya saba da abu cire shi da wuya. Ni da zan ba ki shawara, wadda ba ta kai ba kada ta tsaya manne da raga, ta ja baya wajen layin mita 3 ta jira ɗagowa, ta fi amfani a can.

Malama Binta: To na gode. Sai kuma ɗayar, setata in tana layin baya takan shigo gaba don ta ɗora, wani lokaci ƙwallo ta tsallako daga can kai tsaye ta daki hannunta a gaban raga. An taɓa ce min ɗan baya ba ya bulok, laifi ne

Malam Habu: Ɗan baya ba ya bulok, haka ne, 'yan lamba 2 da 3 da 4 ne kaɗai. Amma ki mayar da shi kan ma'aunin nan dai. In babu wani sashe na jikinta da ya ɗara raga, abin da ta yi ba bulok ba ne balle ya zama laifi, taɓin farko ne saura biyu. Sharaɗin da ya kama su Sani jiya shi ne yake wanke yarinyarki. In kuwa doguwa ce ta yi tsalle hannunta ya wuce raga ta tare, an busa. Har ma in ta tashi manne da 'yar gaba suka haɗa bulok, hannunta a sama da raga, ƙwallon ta taɓa 'yar gaban ba ita ba, duk da haka laifi ne don ta shiga cikin bulok ɗin da ya cika. Libero kuwa, wato mai tsaron baya da yake sa riga daban, ko yunƙurin ma ba a yarda ya yi ba.

Nura Mai Shayi: Malam to ni da nake tare sabis in ta zo ƙasa ƙasa fa, ina da tsawo ai

Isiyaku: Nura sabis ba a yi mata bulok ko kaɗan, ka bari kawai

Mudi: Malam ni tambayata yaya zan yi in daina riga mutum tashi, don ba jiya ne farko ba. In na jira kuma sai in ga kamar zai riga ni

Malam Habu: Mudi kana kallon ƙwallo ne shi ya sa. In seta ya sake ta ka gane inda ta nufa, sauke idonka kan mai bugun. Shi zai fara tashi, kai ka biyo bayansa da ɗan jinkiri, don shi sai ya ja hannu baya kafin ya buga kai kuwa miƙewa kawai za ka yi. In an ɗora masa nesa da raga ƙara jinkirin, tunda ƙwallon tana da tafiya kafin ta iso ka. Sai fa in gajeruwar ɗorawa ce mai sauri a tsakiya, wannan kusan tare za ku tashi. Kuma ka tashi sama sak kada ka yi tsalle gaba, tsallen gaba shi ne yake jefa mutum cikin raga irin na Auwalu. Hannu kana iya tura shi ya ƙetara can ɓangarensu, an yarda, amma kada ka taɓa ƙwallon a can kafin su yi bugun harinsu, misali seta yana shirin ɗorawa ka miƙa hannu ka ƙwace, wannan laifi ne.

Sani Dogo: To Malam dokar na fahimce ta yanzu, kuma na yarda ban san sharaɗin nan ba. Amma Isiyaku ni dai a idona yatsun yaron nan suna sama, a ragar da ta lotsa haka. Akwai wani yaro da ya ɗauki bidiyo da waya ta gefen 'yan kallo, zan nemo shi

Isiyaku: Nemo yaya, in ya nuna na yi kuskure zan faɗa a nan gaban kowa. Sai dai in daga ƙasa ya ɗauka kuma ta baya, hannu zai yi kamar ya fi raga ko bai fi ba, ka san wannan

Baba Garba: Ranar ramuwa ku zo da igiya sabuwa da gorar awo. Kuma ku ɗaura kara biyu a gefen raga saitin layi a madadin eriya, ya ɗara saman raga da santimita 80, don jiya an ce min ko ɗaya babu, ban san da me kuke gane ciki da waje ba.

Isiyaku: Baba akwai da, yara ne suka cire. Juma'a mai zuwa bayan la'asar in Allah ya kai mu, mu za mu zo wurinku. Malam Habu in da hali kai za ka hau tebur, ni in tsaya ƙasa in duba raga da layin tsakiya

Malam Habu: In sha Allahu zan zo. Sani a share filin da wuri, wancan karon akwai ƙaya ta gefen gabas.